Ɓata suna a cikin sharhin abokin ciniki

Ɓata suna a cikin sharhin abokin ciniki matsala ce ta shari'a da ke tasowa idan mutum ya rubuta sharhi a bainar jama'a kan wani shago, otal, lauya, ɗan kwangila ko kayan masarufi, sai ya wuce bayanin abin da ya same shi, ya jingina wa mai sana'ar laifi irin su sata, damfara ko sayar da jabu, ya kuma faɗe shi tamkar tabbataccen al'amari. Dokokin ƙasashe da yawa sun bai wa abokin ciniki damar faɗin cewa bai ji daɗin abin da ya saya ba, ko da kuwa ya faɗa da zafi. Abin da ba su yarje masa ba shi ne ya tabbatar wa jama'a laifin da ba zai iya kafa hujjarsa a gaban alƙali ba.

Bambancin yana cikin ginin jimla. Wanda ya rubuta cewa ya biya kuɗi ranar Litinin, an yi masa alkawarin kaya ranar Laraba, har mako uku bai gansu ba, yana ba da labarin abin da ya gani ne, kuma rasit da saƙonnin waya za su tsaya masa. Wanda ya rubuta cewa mai shagon ɗan damfara ne ya yi magana ne a kan niyyar da ke zuciyar wani, kuma ita ce abin da za a nemi ya tabbatar. Sau da yawa mutum guda ne, a rana guda, da ɓacin rai guda, ke da zaɓin rubuta ko wacce daga cikin jimlolin biyu.

## Abin da doka ke kira ɓata suna

A tsarin shari'ar Ingila, wanda Najeriya da Ghana suka gada, mai ƙarar ɓata suna yana buƙatar ya nuna abubuwa uku: an isar da maganar ga wani mutum na uku, maganar tana nufin shi mai ƙarar, kuma irin maganar ce da ke zubar da mutuncin mutum a idon masu hankali ko ta cutar da shi a sana'arsa. Sharhin da aka wallafa a Google, Facebook, Trustpilot ko TripAdvisor yana cika sharaɗi na farko da na biyu kusan kai tsaye, domin jama'a aka rubuta wa, kuma sunan kamfanin na saman shafin. Kamfani ma yana iya shigar da ƙara kamar yadda mutum ke iyawa.

Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne inda nauyin kafa hujja yake. A wannan tsari ba mai ƙara ne zai fara tabbatar da cewa an yi masa ƙarya ba. Da zarar kotu ta yarda maganar ta zubar da mutunci, ana ɗaukarta a matsayin ƙarya har sai wanda ya rubuta ya tabbatar da gaskiyarta. Saboda haka wanda ya kira mai shago ɓarawo shi zai kawo hujjar sata. Amurka ta sha bamban a nan, domin a galibin shari'o'inta mai ƙara ne ke ɗauke da nauyin nuna cewa maganar ƙarya ce.

Kariya biyu ce mai sharhi ya fi dogara da su. Ta farko ita ce gaskiya, wato ya nuna cewa ainihin abin da ya faɗa haka yake, ko da ya yi kuskure a ƙananan bayanai. Ta biyu ita ce ra'ayi na tsakani da Allah. Dokar Ɓata Suna ta 2013, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ta zayyana sharuɗɗan wannan kariya a sashe na 3: dole maganar ta kasance ra'ayi ce, dole ta nuna abin da aka gina ta a kai ko da a dunƙule, kuma dole ya zama mutum mai gaskiya zai iya riƙe irin wannan ra'ayi bisa wani abu da yake akwai a lokacin rubutun. Kariyar tana rushewa idan mai ƙara ya nuna cewa marubucin shi kansa bai yarda da abin da ya rubuta ba.

Kalmar ƙazafi tana shigowa a hirar yau da kullum da ma'anar kowane irin sharri, amma a fiƙihun Musulunci tana da ma'ana ta musamman, wato jifar mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba. Wannan maƙala ba a kanta take magana ba.

## Labari, ra'ayi da zargi

Jimlolin sharhi sukan kasu gida uku, kuma kowane gida da irin hujjar da yake nema. Akwai labari, kamar a ce ɗakin otal ba ruwa tun dare har safe. Wannan magana ce da za a iya gwadawa, kuma marubucin shi ne shaidar gani da ido. Akwai ra'ayi, kamar a ce kuɗin ɗakin ya yi yawa ko abincin ba daɗi. Ba wanda zai iya tabbatar da wannan ko ya ƙaryata shi, shi ya sa doka ba ta cika damuwa da shi ba. Sai kuma zargi, kamar a ce ma'aikatan otal ɗin na satar kayan baƙi. Shi ma magana ce da za a iya gwadawa kamar labari, sai dai marubucin bai gani da idonsa ba, hasashe ya yi daga abin da ya gani. Haɗarin duka yana cikin wannan gida na uku, musamman idan aka sa masa rigar na farko ko na biyu.

Rigar da aka fi sa masa ita ce "a ganina". Mutane da yawa na zaton cewa wannan kalma tana mayar da kowace magana ra'ayi. Kotun Ƙolin Amurka ta yi watsi da wannan zato a shari'ar Milkovich da kamfanin jaridar Lorain Journal a 1990. Wani marubucin wasanni ne ya nuna a rubutunsa cewa kocin kokawa na wata makarantar sakandare a jihar Ohio ya yi ƙarya bayan ya yi rantsuwa. Kotun ta ce wanda ya faɗi cewa a ganinsa wane maƙaryaci ne yana nuna wa mai karatu cewa ya san wasu abubuwa da suka kai shi ga wannan hukunci, don haka illar da ya yi wa mutuncin mutumin daidai take da ta wanda ya faɗa kai tsaye. Tambayar da kotu ke yi ita ce ko maganar na ɗauke da wani da'awa da za a iya tabbatar da ƙaryarsa.

Riga ta biyu ita ce "wai" da "an ce". A Hausa waɗannan kalmomi na janye mai magana daga alhakin labari, kuma a zaure suna aiki. A kotu ba sa aiki. Ƙa'idar ita ce wanda ya maimaita zargi kamar shi ya ƙirƙire shi, kuma ba zai kare kansa da cewa lallai ya ji an faɗa ba, sai ya tabbatar da zargin kansa. Wanda ya rubuta cewa wai gidan abincin na dafa mushe zai kawo hujjar mushen ne, ba hujjar jita-jitar ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, ba kowace kakkausar kalma ce zargi ba. Kotuna sun san mutane na zuguguta magana. A 2011 TripAdvisor ya fitar da jerin otal-otal da ya kira mafi ƙazanta a Amurka, ya sa Grand Resort na garin Pigeon Forge a jihar Tennessee a kan gaba. Mai otal ɗin ya kai ƙara, amma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce babu mai karatu mai hankali da zai ɗauka cewa an auna ƙazantar dukan otal-otal na ƙasar aka samu wannan ya fi, kambamawa ce kawai da aka gina kan ra'ayoyin baƙi. Iyakar da ke tsakanin kambamawa da zargi ba a shata take da layi ba. Abin da ya fi jan magana zuwa ɓangaren zargi shi ne idan ta ambaci wani aiki takamaimai da doka ta haramta, ko ta jingina wa mutum rashin gaskiya da gangan.

## Shari'ar Summerfield Browne

Misalin da aka fi kawowa a Ingila shi ne ƙarar da kamfanin lauyoyi na Summerfield Browne ya shigar kan wani tsohon abokin cinikinsa, wadda babbar kotu a Landan ta yanke hukuncinta a watan Janairun 2021.

Mutumin ya biya fam 200 don a ba shi shawarar shari'a kan wata takaddama. Shawarar ba ta gamsar da shi ba. Sai ya rubuta sharhi a Trustpilot, inda ya ce asarar kuɗi ce tsagwaronta, ya kuma ce bayanan da ya aika ne kawai aka sake wa tsari aka mayar masa ba tare da wani sabon abu ba. Da ya tsaya nan, da kusan duk abin da ya faɗa labari ne da ra'ayi: ga abin da ya biya, ga abin da ya samu, ga yadda ya ɗauki darajarsa. Amma a kan sharhin ya ƙara wata kalmar Ingilishi mai nufin damfara, ya siffanta lauyoyin da ita.

A kan wannan kalma shari'ar ta tsaya. Mutumin ya nemi fakewa da kariyar ra'ayi, alƙali David Cook ya ƙi, bisa dalilin cewa jifar lauya da damfara zargi ne na rashin gaskiya da ha'inci, wanda ake ɗauka a matsayin da'awar abin da ya faru, ba ra'ayi ba. Kariyar maslahar jama'a ma ta faɗi. Kotu ta lura cewa bai bi hanyar ƙorafi ta kamfanin ba kafin ya wallafa, kuma ya nuna zai cire sharhin idan aka mayar masa da kuɗinsa, abin da ya raunana iƙirarinsa na cewa jama'a yake karewa. Saura kariyar gaskiya, wadda ke buƙatar ya zayyana dalla-dalla yadda aka damfare shi. Bai yi hakan ba, bai kuma halarci zaman da aka yanke diyya ba. Kamfanin ya gabatar da shaidar cewa masu tuntuɓarsa a mako sun ragu bayan fitowar sharhin. Kotu ta yanke masa diyyar fam 25,000, ta kuma ba da umarnin a cire sharhin. Ta ƙi ba da ƙarin diyyar da kamfanin ya nema kan asarar kuɗi ta kowace rana, domin bai kawo lissafin da ya tabbatar da ita ba.

Wato takaddamar fam 200 ta koma bashin da ya ninka ta sau 125. Sai dai ya kamata a karanta hukuncin da taka-tsantsan. Wanda ake ƙara ba shi da lauya, kuma ba a yi cikakkiyar fafatawa kan hujjojin kamfanin ba, don haka kuskure ne a ɗauka cewa duk wanda ya yi amfani da kalmar damfara a sharhi zai fuskanci irin wannan. A wani mahallin, kamar a ce kuɗin ajiye mota a filin jirgi damfara ne, mai karatu zai fahimci ana nufin tsada. Abin da ya ba kalmar nauyi a nan shi ne an jefi lauya da ita, mutumin da sana'arsa duka ta rataya kan amana. Haka kuma sashe na 1 na dokar 2013 ya wajabta wa kamfani mai neman riba ya nuna cewa maganar ta jawo masa babbar asarar kuɗi ko tana iya jawowa. A 2024 wani kamfanin lauyoyi, BW Legal, ya faɗi a ƙararsa kan Trustpilot domin ya kasa danganta asararsa da sharhohin da ya kai ƙara a kansu.

Shi ma kamfanin da ya yi nasara bai fita lafiya lau ba. Bayan labarin hukuncin ya bazu, mutanen da ba su taɓa hulɗa da shi ba suka yi ta cika shafinsa da mummunan sharhi, har Trustpilot ya dakatar da karɓar sababbi a shafin.

## Misali daga shagon gyaran waya

Ana iya ganin yadda ƙa'idar ke aiki a wani misali da aka ƙirƙira don bayani. Wata ɗaliba ta kai wayarta shagon gyara saboda gilashin ya fashe. Ta biya naira 35,000 bayan mai gyaran ya ce mata zai sa orijina, ta dawo bayan kwana biyu. Ba ta samu wayar ba sai bayan kwana tara. Mako guda da karɓa, gefen gilashin ya daina jin taɓawa, batir kuma ya fara ƙarewa kafin azahar. Ta kai wa wani mai gyara, ya buɗe ya ce mata gilashin ba orijina ba ne, batirin ma ba na kamfanin wayar ba ne. Ta koma shagon farko sau biyu, aka ƙi mayar mata da kuɗi.

Sharhin da fushi ke rubutawa zai ce mai shagon ɓarawo ne, ya sace mata batir ya sa tsoho, jabun kaya kaɗai yake sayarwa, kuma haka yake yi wa kowa. Idan aka warware wannan jimla, da'awa huɗu ce a ciki. Cewa ya sace batir na buƙatar hujjar cewa batirin asali yana cikin wayar lokacin da ta miƙa ta, cewa a shagonsa aka canza, kuma da niyyar ƙwacewa aka yi. Idan wayar ta hannu ce ta saya, ko an taɓa gyara ta a wani wuri, ko shagon na da yara uku masu aiki, hujjar ta yi rauni. Cewa jabu kaɗai yake sayarwa magana ce a kan dukan kayan shagon, alhali gilashi ɗaya ta gani. Cewa haka yake yi wa kowa magana ce a kan mutanen da ba ta sani ba. Kalmar ɓarawo kuwa ta tattara duka ta mai da su halinsa. A cikin huɗun babu wadda rasit ɗinta zai tabbatar.

Sharhin da ya tsaya kan abin da ta sani zai kawo ranar da ta kai wayar, kuɗin da ta biya, alkawarin orijina da na kwana biyu, kwana taran da ta jira, matsalar da ta bayyana bayan mako guda, da cewa mai gyara na biyu ya duba ya shaida mata gilashin da batirin ba na kamfani ba ne, da kuma cewa ta nemi kuɗinta sau biyu ba a ba ta ba. Daga nan tana iya rufewa da ra'ayinta: aikin bai kai kuɗinsa ba, ba za ta koma ba, ba ta kuma ba kowa shawarar zuwa. Wannan sharhi bai fi na farko sauƙi a kan mai shagon ba. Mai yiwuwa ma ya fi yi masa illa, domin mai karatu ya fi gaskata kwanan wata da adadin kuɗi a kan zagi.

Wuri guda a cikinsa na buƙatar kulawa, wato maganar mai gyara na biyu. Tun da maimaita zargi ba kariya ba ne, idan aka je kotu ba zai isa ta ce an gaya mata ba. Za ta buƙaci mutumin ya tsaya ya ba da shaida, ko hoton kayan da aka cire, ko shi gilashin kansa. Ya kuma kamata ta lura cewa abin da na biyun ya gani shi ne batirin ba na kamfani ba ne. Bai ga wanda ya sa shi ba.

Alamar da ke nuna jimla ta tsallaka daga labari zuwa zargi yawanci tana cikin aikatau da kalmomin gama-gari. "Ya ɓace" labari ne, "ya sace" zargi ne. "Ban samu abin da aka yi mini alkawari ba" labari ne, "ya yaudare ni da gangan" zargi ne kan niyya. "Na yi amai da daddare bayan na ci abincinsu" labari ne, "abincinsu guba ne" da'awa ce kan sanadi, wadda sai gwajin asibiti ko na hukuma ke iya tabbatarwa. Haka kalmomi irin su kullum, kowa, duka da ko yaushe ke faɗaɗa abin da ya faru sau ɗaya zuwa abin da marubucin ba shi da shaidarsa.

## Inda labarin kai ba ya isa kariya

Rubutu da "na gani" da "na biya" ba laya ba ne. Na farko, labarin kansa dole ya zama gaskiya. Wanda ya ce ya jira kwana tara alhali uku ya jira, ko ya rubuta sharhi kan shagon da bai taɓa shiga ba, ya faɗi ƙarya ce a siffar shaida, kuma wannan ya fi zargi muni a idon kotu domin yana nuna mugun nufi.

Na biyu, kotu tana karanta sharhi gaba ɗaya, tana neman ma'anar da mai karatu na yau da kullum zai fita da ita. Ana iya jera jimloli da kowacce ke kama da labari amma haɗuwarsu ta zama zargi. Shari'ar kamfanin gine-gine na Dietz Development a jihar Virginia ta Amurka ta nuna haka. Wata mata da ta ba kamfanin aikin gyaran gidanta ta rubuta a Yelp da Angie's List cewa an lalata mata gida, an caje ta kuɗin aikin da ba a yi ba, sannan kayan adonta sun ɓace kuma ɗan kwangilar ne kaɗai ke da makulli. Wannan jimla ta ƙarshe ba ta ce ya yi sata ba, amma ba wanda zai karanta ta ya fahimci wani abu daban. A 2012 ɗan kwangilar ya kai ƙara yana neman dala 750,000. Wani alƙali ya umarci a cire wasu sassan sharhin kafin a gama shari'a, sai Kotun Ƙolin Virginia ta soke umarnin. A farkon 2014 masu taya alƙali yanke hukunci suka samu cewa matar ta ɓata sunan ɗan kwangilar, shi ma ya ɓata nata a martanin da ya rubuta, suka ƙi bai wa kowa ko sisi. Martanin mai sana'a ma, ke nan, yana ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya da sharhin.

A Amurka an yi dokar tarayya a 2016 da ta haramta wa kamfanoni sa sharaɗi a takardar yarjejeniya da ke hana abokin ciniki rubuta sharhi ko cin tararsa a kai. Dokar ba ta taɓa haƙƙin kamfani na kai ƙarar ɓata suna ba. Sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996 kuma yana kare dandalin da aka wallafa sharhin a kansa, ba wanda ya rubuta ba.

## A Najeriya

A Ingila da galibin shari'o'in Amurka abin da ke gaban mai sharhi shi ne diyya. A Najeriya akwai ƙarar diyya, akwai kuma tuhumar laifi, wadda ke farawa da 'yan sanda. Kundin Final Kod da jihohin Arewa suka gada ya fayyace ɓata suna a sashe na 391, ya kuma tanadi ɗauri har na shekara biyu ko tara ko duka biyun a sashe na 392. A ƙarƙashinsa gaskiya kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa da cewa bayyana ta na da amfani ga jama'a. Jihohin da suka sake rubuta kundinsu, kamar Kaduna a 2017, lambobin sassansu sun canza. A Kudu, kundin Kiriminal Kod ya yi tanadinsa a sashe na 373 da na 375. Ghana ta soke laifin ɓata suna daga dokokinta a 2001.

Dokar da aka fi amfani da ita kan rubutun intanet ita ce Dokar Laifukan Intanet ta 2015, musamman sashe na 24, wanda ya tanadi tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin da ya kai shekara 3. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 da kuma 2022 cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A 2024 aka yi masa gyara, aka cire kalmomi masu faɗi irin su ɓata rai da cin mutunci, aka taƙaita shi ga saƙon batsa da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya kuma aika don tada zaune tsaye ko jefa rai cikin haɗari.

Takaddamar da ta fi jan hankali ita ce ta kamfanin Erisco Foods. A watan Satumban 2023 wata mata mazauniyar Legas ta rubuta a Facebook cewa ta sayi tumatirin gwangwani samfurin Nagiko, ta ɗanɗana ta ji sukari ya yi yawa, ta tambayi mabiyanta ko sun taɓa amfani da shi. Wannan rubutu labari ne da ra'ayi, ba a cika samun wanda ya fi shi tsayawa kan ɗanɗanon mutum ɗaya ba. Da aka ƙalubalance ta cewa tana ɓata hajar wani, sai ta mayar da martani cewa a gaya wa mai kayan ya daina kashe mutane da kayansa. Kamfanin ya kai ƙorafi, 'yan sanda suka kama ta a Legas suka tafi da ita Abuja. A watan Mayun 2024 aka gurfanar da ita a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet, ta musanta tuhumar, aka ba da belinta. Kamfanin ya kuma shigar da ƙarar neman diyyar naira biliyan 5.

Muhawarar da ta biyo baya ta rataya ne kan wannan jimla ta biyu. Masu goyon bayan kamfanin na karanta ta a matsayin da'awar cewa kayan na hallaka mutane, abin da za a iya gwadawa a ƙaryata. Masu goyon bayan matar na karanta ta a matsayin zuguguwa irin ta cacar baki, wadda duk mai jin Ingilishin Najeriya ya san ba gawa ake nufi ba, tare da lura cewa a jimlar kanta ta koma kan maganar sukari. Ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama, ciki har da Amnesty International, sun soki kamun da gurfanarwar, suna cewa takaddama tsakanin kamfani da mai saye ba ta 'yan sanda ba ce.

Mai saye da ke da zargi na gaske kan jabun magani, gurɓataccen abinci ko ha'inci yana da wuraren kai shi ban da shafin sharhi. NAFDAC ce ke kula da abinci da magunguna, FCCPC kuma ke karɓar koken masu saye ƙarƙashin dokar 2018 ta gasa da kare haƙƙin masu saye. Ƙorafin da aka kai wa hukumar da ke da hurumin bincike, da kyakkyawar niyya, yana samun kariyar da doka ke bai wa mai kai rahoto inda ya dace, kuma kariyar tana faɗuwa ne idan aka nuna ƙeta ce ta sa aka kai shi. Zargin da aka wallafa wa dubban mabiya ba ya samun wannan kariya, ko da kalmominsa iri ɗaya ne da na takardar koken.